Maganin ciwon bayan ƙanwata

Ƙanwata tana aure a Sahuda, kuma a shekarar da ta ɗauki cikin fari ba ta bar zuwa gonar gyaɗa ba sai da bayanta ya ƙi. Cikin yana wata bakwai na ɗauko ta ta dawo wurina cikin Mubi, don ta fi kusa da asibiti.

Na lura kullum bayan ta ci abinci sai ta kwance wata 'yar leda ta haɗiyi ƙwayoyi. Na tambaye ta, ta ce maganin ciwon baya ne, mai kemis ɗin bakin layinmu yake haɗa mata tun kafin ta taso daga Sahuda, duk ranar da ta shigo gari. Kowa a unguwar likita yake ce masa.

Ranar awo na raka ta. Ungozomar, wata dattijuwa 'yar Michika, ta auna cikin ta sake aunawa, sannan ta tura mu hoto. Da muka dawo da sakamakon ta ce ruwan da jaririn yake kwance a ciki ya ragu sosai.

"'Yata, me kike sha a gida?"

Ƙanwata ta miƙa ledar. Matar ta zazzage a tebur, tana juya guntayen katin maganin da aka yanko da almakashi don ta karanta ragowar rubutun bayansu. Fuskarta ta canza.

"Wannan diklofenak ne. Wannan ibuprofen. Duka biyu a haɗe, ga mai ciki wata bakwai!"

Ta yi mana bayani a hankali. Irin waɗannan, in ciki ya kai rabi, suna iya taɓa ƙodar jariri, ruwan ya ragu, domin yawancin ruwan nan fitsarinsa ne. A watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai an haife shi. Asfirin na ciwon kai ma a bar shi, ban da ɗan ƙaramin da likita yake rubuta wa wasu mata don kare su daga hawan jinin ciki. Na ciwo da zazzaɓi, parasitamol aka fi amincewa da shi, shi ma gwargwadon yadda aka ce, ba a mai da shi abinci ba. In zazzaɓi ne kuwa a zo a gwada jini, kada a rufe maleriya da ƙwaya.

"Adda, na kashe shi?" ƙanwata ta tambaye ni.

Ungozomar ce ta amsa. Ta ce zuciyar yaron tana bugawa lafiya, kuma sau da yawa ruwan yana dawowa in an daina. Amma za su riƙa duba ta.

Na kai ta gida, ko gyalena ban cire ba na wuce kemis. Na sami mai kemis ɗin yana yanka wa wani ƙwayoyi. Na jefa ledar a kan kantarsa.

"Ba ka ga cikinta ba?"

"Hajiya, lafiya?"

"Na ce ba ka ga cikinta ba? Ciki ya fito har yana tura hijabi, ka haɗa mata wannan?"

Ya ce matan nan ba sa son parasitamol, cewa suke ba shi da ƙarfi, in bai ba su mai ƙarfi ba gaba za su yi. Na tambaye shi ko ya san abin da ƙwayoyin suke yi wa ɗan da ke ciki. Ya ɗaga kafaɗa.

"Ai ba abin da ya same ta."

Maganar nan ce ta ƙona ni. Na ɗaga murya har masu keke napep suka tsaya kallo. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, mutumin yana taimakon jama'a. Na ce, "Baba, da 'yarka ce fa?" Mijin ƙanwata ma da ya zo da yamma cewa ya yi na tara wa mai kemis jama'a, ai tsautsayi ne. Na ce tsautsayi ba ya riƙe almakashi. Ranar ko ruwa ban ba shi ba.

Ta daina sha, ta koma matsa bayan da tsumma mai ɗumi, da parasitamol in ciwon ya yi tsanani. Hoton da aka sake ya nuna ruwan ya fara dawowa. Ta haifi namiji, ɗan ƙarami amma lafiya lau.

Mai kemis ya aiko da turmin atamfa ranar suna. Na mayar masa. Shagonsa yana nan, yanzu har ya ƙara kanta ta biyu, kuma duk mai cikin da na hango ta nufi ƙofarsa sai na tare ta a hanya, ko ban san ta ba.