Malam Mu-ɗauka da Matakalar Bene

A duk shekarun da na yi ina aikin akawu a makarantar sakandare, ban taɓa jin malamin lissafinmu ya ce wa mutum "ƙarya ne" ko "ba haka ba ne" ba. Idan ka faɗi abin da bai gamsu da shi ba, sai ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya ce, "To, mu ɗauka haka ne." Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa Malam Mu-ɗauka, sunan ya bi shi har ɗakin malamai.

Ofishina yana manne da ajin da ya fi koyarwa, kuma bangon bai kai rufi ba, don haka darussansa da yawa sun shiga kunnena ina cikin jera fayil. Wata rana wata ɗaliba ta dage cewa dole akwai lambar da ta fi kowace girma, tunda komai yana da iyaka.

"Mu ɗauka akwai ta," in ji Malam. "Zo ki zana mata akwati a allo. Wannan ita ce babbar duka, ko?"

"Ita ce."

"To, ƙara mata ɗaya. Me kika samu?"

Yarinyar ta dubi allon. "Wadda ta fi ta."

"Amma mun ce babu wadda ta fi ta. Ƙara ɗayan laifi ne?"

"A'a."

"To ina laifin yake?"

"A wurin da muka ce akwai ta."

Haka yake yi. Yakan karɓi maganarka ya riƙe ta da mutunci, ya bi ta taki bayan taki yana tambayarka ko ka yarda da kowane taki, har ta kai ku inda kai da kanka ba za ka iya tsayawa ba. Yakan ce idan kowane taki daidai ne amma aka ƙare a abin da ba zai yiwu ba, to gurin da aka taso ne ba daidai ba.

Ba a aji kaɗai yake yi ba. An taɓa kawo mana sabon shugaban makaranta wanda ya gaji da masu faɗo masa ofis, ya kafa doka cewa ba mai shiga wurinsa sai da izini a rubuce mai ɗauke da sa hannunsa, kuma ba ya sa hannu a kan komai sai a teburinsa, a gaban mai nema. A taron malamai Malam ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, na karɓi dokar. Ina son ganinka gobe. Ina zan samo izinin?"

"A wurina mana."

"A ofis?"

Shugaban ya fashe da dariya. "Allah ya shirye ka, Malam. Akawu, cire takardar daga ƙofa."

Bayan ya yi ritaya, nakan leƙa shi ranakun hutu. Yana zaune da matarsa a hawa na biyu na wani tsohon bene mai ƙunƙuntar matakala. Ita ma malama ce, ta firamare, shi ya sa yake kiranta Malama, ita kuma ta ce masa Malam, kamar har yanzu a ɗakin malamai suke. Autarsu tana aure a unguwa ta gaba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta yi nauyi, amma hankalinsa na nan garau. Likita ya ce idan ana kai shi asibiti gashin ƙashi da motsa jiki a waɗannan watannin farko, akwai fatan ƙafar ta dawo. Idan aka bari gaɓoɓin suka sandare, da wuya ya sake takawa. Matsalar ita ce matakala. Sai an ɗora shi a kujera, maza biyu sun sauko da shi, sun kuma hau da shi. Aka yi haka sau ɗaya, surukinsa mijin Auta da wani direba da ke zaune a ƙasan benen. A kwanar matakala surukin ya zame, ya gurje gwiwa. Daga ranar Malam ya ce an gama zuwa asibiti.

Auta ta yi kuka, ta yi roƙo, ta yi fushi. Bai sauya magana ba. Malama ce ta kira ni a waya ta ce, "Akawu, zo ka ji abin da abokinka yake faɗa."

Na same shi da hantsi a gefen taga, an tokare shi da matasai, hannun daman yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Malama tana kan tabarma tana ninke wanki. Jaririyar Auta tana barci a kan gado, uwar ta bar ta ta je kasuwa.

"An turo ka ne?" ya ce, kalmomin suna fita a hankali.

"Gaisuwa na zo."

"Akawu ba ya fita ba takarda. Zauna."

Na zauna, na tambaye shi dalili. Ya faɗa mini a tsare, kamar yana rubutawa a allo: wanda ba ya amfanar kowa bai cancanci a wahala dominsa ba. Shi ya daina amfanar kowa. Saboda haka kada a sake ji wa ɗan mutane ciwo a kansa.

Na ga dama ta samu. Na gyara murya na ce, "To, mu ɗauka haka ne. Ke nan sai a rufe asibitoci, a bar duk marar lafiya ya mutu."

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "Ban ce marar lafiya ba. Mai zazzaɓi zai tashi ya koma aiki. Ka zaro magana daga aljihunka ka sa mini a baki, sannan ka rushe ta. Taka ka rushe, tawa tana nan."

"Ai kusan ɗaya ne."

"Kusan. Koma wa fayil ɗinka, Akawu."

Gaskiyarsa ce, na yi tsalle na tsallake taki.

Malama ba ta ɗago daga wankin ba. Ta ce, "Malam, ni na yarda da dokarka."

"Madalla."

"Tunda na yarda, bari in fara aiki da ita. Wannan 'yar da ke kan gado, wa take amfana? Ci, kuka, ɓata zani. Jiya uwarta ko runtsawa ba ta yi ba. In Auta ta dawo sai in ce ta daina wahala."

"Ke ma kin san za ta girma."

"Ba ka faɗa ba a dokar. Gyara ta in ji."

Ya lumshe ido, ya gyara. "Wanda ba ya amfanar kowa yanzu, kuma ba zai amfanar nan gaba ba."

"Kai kuma ba za ka amfanar ba nan gaba?"

"Na gama."

Na zaci nan za ta musa masa, ta ce ai zai warke. Ba ta musa ba. Ta ce, "To, ka gama. Na karɓa." Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta juyo ta fuskance shi. "Saura Inna."

Inna mahaifiyarsa ce. A gidan nan ta yi shekarunta na ƙarshe, a kwance, ta rikice har ba ta gane kowa. Malam ne yake juya ta, yake ba ta abinci a baki kafin ya tafi makaranta, wani lokaci ya iso aji da danshin ruwan wankinta a hannun riga. Ita kuwa takan tambaye shi ko shi ɗan waye.

"Inna tana amfanar wani a lokacin?" in ji Malama.

Ya juya fuskarsa wajen taga.

"Malam, ni ba na tsallake taki. Tana amfanar wani?"

"A'a."

"Akwai fatan za ta amfanar daga baya?"

"Babu."

"To dokarka ta hau kanta daidai. Inna ba ta cancanci abin da ka yi mata ba. Ɓata lokaci ka yi. Faɗa da bakinka, in ji, Akawu ya shaida."

Numfashinsa ya yi ƙarfi. Hannun hagu ya damƙe matashi. "Kada ki ƙara. Inna ta haife ni. Ta yi wahalata tun ban san kaina ba."

"Au, ashe abin da mutum ya yi a baya yana shiga lissafi?"

"Yana shiga."

"To sake gyara dokar."

Ya fara, a hankali. "Wanda ba ya amfanarwa yanzu, ba zai amfanar ba, kuma bai taɓa…" Sai ya tsaya.

"Ƙarasa mana," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Bai taɓa amfanar kowa ba. To wannan ban san shi ba, ba a gidan nan yake ba. Auta dai tana da uban da ya goya ta ya kai ta makaranta. Ko dokar ta kama ka ta kama Inna, ko ta saki Inna ta sake ka. Zaɓi ɗaya, ni duk wanda ka zaɓa ina nan."

Hawaye ya gangaro masa ta ɓarin da ba ya motsi, bai ji shi ba. Malama ta taso ta share masa da bakin mayafinta, ta gyara masa wuyan riga.

"Kin bi ta daidai," ya ce da ƙyar. "Ba inda kika yi tsalle."

"Kullum kana yi wa mutane a kan teburin cin abinci, ka zaci kurma ka aura?"

Ya yi wani sauti, rabi dariya rabi tari. Can ya ce, "Amma yaron nan ya ji ciwo. Wannan ba doka ba ce, gwiwa ce."

"Wannan kuma maganar kujera ce," na ce. "Ta falo kuka ɗauka, ba ta da wurin riƙo. Akwai ta ƙarfe mai hannu a gidana."

Ranar da aka ba shi a asibiti na zo da kujerar. Muka ɗaure shi da zanin Malama a ƙirji, direba ya riƙe ta sama, surukin ya riƙe ta ƙasa, ni ina gaba ina faɗa musu inda za su sa ƙafa. Malama tana biye da jakar magunguna da takalminsa ɗaya da ya zame. Da muka iso kwanar, Malam ya ce a dakata. Muka tsaya cak, na ce a raina ko ya fasa ne.

"Ɗana," ya ce wa surukin, "jingina da bango ka huta. Ba sauri muke ba."

Surukin ya huta, muka ƙarasa sauka.