Takardar Wuta da Sunana

Za ni ganin ɗiyata da ta haihu a Turai, ofishin biza suka nemi shaidar inda nake zaune. Gidanmu na gado ne, takardar wuta sunan marigayi Baba take ɗauke da shi. Ƙanena ya kawo wata da sunana, sabuwa fil.

"Yaya, wa zai duba?"

Na kai musu, suka duba lambar mita, ta wani mai injin niƙa ce. Suka hana ni.

Abin haushi, ashe takardar bankina mai adireshinmu, da wasiƙar mai unguwa, da rantsuwar kotu sun isa su nuna inda nake! Yanzu duk neman da zan sake, sai na faɗi an taɓa hana ni. Jikana har ya fara rarrafe, a waya kawai nake ganinsa.