Geron Azumi a Allon Malam Tasi'u

Malam Tasi'u ɗan manoman Makoda ne, mai saurin fushi, yana koya wa 'yan digiri ilimin tattalin arziki a Ɗambatta. Yakan yi darasi da Turanci, ya maimaita da Hausa.

Ran nan ya zana layin buƙata, ya ce in farashi ya tashi, saye kan ragu. Kowa ya gyaɗa kai. Yana juyawa Hausa, ɗalibarsa Aina'u ta ce, "Malam, ai da azumi gero kan yi tsada, kuma a fi sayensa."

"Tsadar ce ta kawo masu sayen geron kunu?" ya daka tsawa. "Azumi ne! A kowane farashi sun fi saye. Layin ne ya matsa dama, farashi ya hau."

Ya fita yana murmushi. Da Turanci ba a taɓa yi masa gardama ba.