Bokal ɗin Inna Ajuma

Rumfata ta gyaran salula tana bakin tashar Gaya, garin nan na kan iyaka, kuma shekara bakwai Inna Ajuma na kawo mini tata. Gyara ba ya kawo ta sosai. Galibi ta zo ne in sa mata sharji, wato cajin batir, ko in karanta mata abin da ya fito a gilashi, don ba ta taɓa shiga lakkol, makarantar boko, ba. Amma idan maganar murya ce, ban ga na biyunta a garin nan ba.

Kifi take bandawa. Mijinta Basarke ne, shi ke kamowa ita ke bandawa, har ya rasu ya bar ta da murhu huɗu a bayan gida da 'ya'ya uku. Daga nan ta koma saye hannun masunta a bakin kogi, tarwaɗa da ragon ruwa da karfasa. Da fari a kasuwa take zama da faranti, ƙuda na binta. Wata mai gidan abinci a Kandi ta ƙasar Benin, Hasiya, ita ta fara cewa ta riƙa aiko mata hoton kifi ta WhatsApp. Hasiya ta gaya wa wata, wata ta gaya wa wata. Da suka yi yawa ni na buɗe mata gurup, na sa masa suna Kifin Ajuma Gaya. Kafin shekara huɗu mutum ɗari da tamanin da uku ne a ciki, daga Kandi da Paraku, daga Kamba da Birnin Kabi, daga Doso da Yamai.

Kullum da hantsi, in ta sauke kifi daga wuta, sai ta ɗauki hoto biyu ko uku, ta danna makirfo. Bokal ɗinta, wato saƙon murya, bai wuce minti biyu ba. Ta fara da Dandanci don mutanen ƙetaren kogi, ta juya Hausa, ta faɗi kuɗi da sefa, ta sake faɗa da naira bisa canjin ranar. A tsakani sai ta kama sunan mutum. Ta tambayi mai jego ya jariri, ta yi wa wata ta'aziyya, ta tsokani 'yan Kamba cewa sun fi kowa ciniki sun fi kowa cin kai. Tana ƙwanƙwasa kifin a jikin salula don a ji bushewarsa. Mutane su amsa a gurup ɗin, wannan katan ɗaya, wannan rabi. Da yamma kaya su tafi, na Najeriya a motar Kamba, na Benin a kwalekwale tun da aka rufe gadar iyaka. Da yawansu ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Matsalar gurup ɗaya ce, kowa na ganin nimeron kowa, wato lambar salularsa. Sadiya, 'yar maƙwabciyarta wadda ta koyi banda a bayan gidan Inna, tana cikin gurup ɗin. Da ta yi aure ta kafa nata murhun, sai ta fara bin mutanen ɗaya bayan ɗaya a gefe. Inna ta faɗi kuɗi da hantsi, kafin azahar Sadiya ta aika wa mutum nata hoton da ragin dala ashirin. Wata 'yar Doso ce ta turo wa Inna saƙon. Ranar ta zo rumfata tana huci.

"Yazidu, fidda min yarinyar ga."

Na ce, "Inna, ko an fidda ta ai ta riga ta kwashe nimero. Kuma tana iya shiga da salular mijinta, ko ta ƙanwarta. Ba ki gane ta."

"To mi za a yi?"

A nan bakina ya ja mini. Ina da wannan hali, in na san abu kaɗan sai in ji kamar ni na ƙera shi. Na ce akwai wata hanya da ta fi gurup. Ana haɗa sunayen mutane a lis guda, ki yi bokal ɗaya, ya shiga wa kowa shi kaɗai kamar shi kika kira. Ba mai ganin wani, ba mai jin amsar wani. Ta tambaya ko duka za su shiga, na ce har mutum ɗari biyu da hamsin da shida yana ɗauka. Ta ce a yi.

Yini guda na yi ina ajiye nimerorin mutanenta a salularta, tana gaya mini sunan kowa daga hotonsa ko daga muryarsa. Sannan aka zo rufe gurup. Ta so ta yi musu bayani tukuna, ni na hana. Na ce in ta faɗa a gurup Sadiya za ta ji, gara a rufe shiru, gobe bokal na farko ya yi bayani. Gurup kuwa ba ya rufuwa sai an cire mutane ɗaya ɗaya. Na zauna na cire su duka, kowa salularsa ta nuna masa cewa Ajuma ta cire shi. Saura kwana biyar azumi, ta riga ta cika ɗaki da kifi, don a watan ne take samun abin da ke riƙe ta har damina.

Abin da ban gaya mata ba, don ni ma na manta da shi sarai, shi ne saƙon lis ba ya shiga sai ga wanda ya ajiye nimeronka a tasa salular. Mutanen Inna kuwa me zai sa su ajiye? Shekara da shekaru tana nan a gurup, su buɗe su same ta. Ko masu yi mata magana a gefe, sunanta suke dannawa daga can. Cikin ɗari da tamanin da uku, waɗanda suka ajiye ba su kai ashirin ba.

Washegari ta yi bokal mai tsawo. Ta ba su haƙuri, ta ce ba fushi ba ne, gyara ne, yanzu kowa ita da shi ne. Mutum tara suka amsa. Waɗannan taran su suka rufe mana ido, don mun ga abin yana tafiya. Na ce sauran rezo ne, sabis ɗin waya ne babu, ai kowa ya san halin rezo a bakin iyaka. Da sati ya wuce na ce azumi ne, mutane na fama da kansu. Ko sau ɗaya ban danna saƙon na duba wa ya samu wa bai samu ba, alhali aikin daƙiƙa biyar ne.

Ita kuwa ta ɗauka suna ji ne suna yin banza da ita. Na ce ta kira wasu ta ji.

"In kira wa? Kullum ina gaishe su da suna. Macen da na yi wa ta'aziyyar uwarta jiya, ko amin ba ta ce ba. Ni ba ni roƙon kiliya su sayi kayana."

Ba ta fasa ba. Kullum da hantsi sai ta yi bokal. Na ji wasu, don tana zuwa sharji. Makon farko akwai tsokana. Na biyu ta rage kuɗi. Na uku ta sake ragewa, muryar ta yi ƙasa, gaisuwar ta yi tsawo. Zafi ya yi zafi, kifin da ke ɗaki ya fara fitar da gari, ƙwari sun shiga. Tana mayar da shi wuta, yana ƙara baƙi yana karyewa.

Ran ashirin da shida ga rufe gurup, Hasiya ta ƙetaro daga Kandi gaisuwar wani rashi. Ta biyo tasha neman mota, ta tarar da Inna zaune a bencina. Hasiya ta kawar da kai. Inna ta miƙe ta tare ta.

"Hasiya, mi na yi miki? Kwana ashirin da shida ina magana, kin yi kamar ba ki ji ba."

"Magana? Ke da kinka kore mu kamar masu sata? Na tashi da safe na ga Ajuma ta fidda ni. Ni da na kawo miki rabin mutanen nan. Ko kalma guda ba ki ce ba."

Na karɓi salular Hasiya. Babu komai daga Inna, babu ma sunanta a ciki. Na buɗe ta Inna, na danna bokal na ranar, na duba. Mutum goma sha bakwai ya shiga wa. Nan take abin da na manta ya faɗo mini. Na gaya musu gaskiya a gaban mutanen tasha, ban rage komai ba.

Hasiya ta ce ranar da aka cire su, kafin la'asar Sadiya ta buɗe sabon gurup ta zuba su ciki. Sadiya ba ta ma yi musu ƙarya ba. Mutane ne da kansu suka yanke cewa Ajuma ta samu babban mai saye a Kwatano, ta raina masu rabin katan. Azumi ya zo, tukunya ba ta jira, suka saya inda aka nuna musu kifi.

Na rufe rumfa kwana biyu ina aika wa kowa saƙo shi kaɗai, na sake buɗe gurup, na tura musu hanyar shiga. Mutum talatin da ɗaya suka dawo. Wasu suka saurara suka ce Allah ya kyauta. Wata a Paraku ta ce in da gaske ne, me ya hana a kira ta tun ranar farko. Kifin ɗaki ya tafi a buhu, masu haɗa abincin kaji suka saya a wulaƙance. Bayan salla ba ta da jarin tarar masunta, murhu uku suka mutu.

Ba ta zage ni ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Yanzu Sadiya take yi wa banda, ana biyanta a katan. Kuma da yake mutanen ƙetare sun ce ba sa jin daɗin Dandancin Sadiya, ita ke yin bokal na safe. Ta yi a salularta, ta aika wa Sadiya, Sadiya ta tura gurup. Har yanzu tana kama sunan mutane, tana ƙwanƙwasa kifi, sai dai a ƙarshe ta ce a nemi Sadiya. Ba a sa ta cikin gurup ɗin ba, kuma na san dalili, don ni ma da ba zan sa ta ba.

Jiya ta kawo sharji, ta zauna a benci tana murza yatsunta da hayaƙi ya rina. Ta ce in duba ko na yau ya tafi. Na ce ya tafi, Sadiya ta ma saurara.

"Na gaida Hasiya a ciki, ɗiyarta ta haihu. Ta amsa?"

Na ce, "Inna, daga nan ba a gani."

Ta ce to, in an jima ta dawo ta ɗauka.