Ruwan da Ya Jiƙa Wuyan Rigar Kawu

Gefe ɗaya kawai na wuyan rigar Kawu ya jiƙe, na dama. Babu wanda ya kula, don kowa na dariyar yadda ya ba da labarin faɗowarsa daga tsani.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kafinta, shekara talatin yana sana'ar. Ba ya sayen katako sai ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya kasa kunne. Daga amon yake gane wanda gara ta ci ta ciki. Ran nan silin ɗin falonmu yake gyarawa, ƙafar tsani ta zame, kansa ya bugu da siminti. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya ce a ba shi shayi.

Da na kawo, sai na ga ruwa garau, da ɗan jirwayen jini, yana ɗigowa daga kunnensa.

"Kawu, kunnenka," na ce a hankali. Bai juyo ba. Sai da na zagaya ta hagu na maimaita.

"Gumi ne, 'yar boko. Kunnen ma ya ɗan toshe, ƙurar katako ce."

Mama ta taɓa wurin. "Gumi ta ramin kunne? Kawo auduga da man zaitun in toshe masa."

Ban iya musu da manya ba. Na shiga ɗaki kamar zan ɗauko audugar, na kira Yaya, wadda take aikin jinya, na dawo na miƙa wa Mama wayar.

"Mama, kar ki cusa masa komai, kar ki ɗiga masa mai," in ji Yaya. "Ku ɗora tsabtataccen ƙyalle a kai sama-sama, ruwan ya fita. Wanda kansa ya bugu, kunne na zubar da ruwa ko jini, ji ya ragu, asibiti ne yanzu, ko yana dariya. A mota, ba a babur ɗinsa ba."

"In bar silin a buɗe?" in ji Kawu.

"Naka kan ne a buɗe," Mama ta ce, tana neman mayafinta.

Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙashin gindin ƙoƙon kansa ya tsage. Likita ya ce ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne yake tsiyayowa, kuma ta wannan kafar ƙwayar cuta kan iya shiga ta jawo sanƙarau. Aka kwantar da shi, aka ɗaga masa kan gado, aka hana shi fyace majina da yunƙuri. A kwana na shida ruwan ya tsaya. Jin kuwa, likita ya ce jini ne ya taru a bayan dodon kunne, zai dawo sannu a hankali. Haka aka yi, ko da yake har yau na hagu ya fi.

Ranar sallama mun tsaya jiransa a ƙofa da jakunkuna. Yana zaune a bakin gado, yana ɗaure noti a marfin durowar majinyacin da ke gadon kusa da nasa da gindin cokalin shayi.