Yadda Aka Guntule Maganar Hajiya Harira

Hajiya Harira ta yi rayuwar aikinta a ɗakin gwajin ƙasa na ma'aikatar gona, har ta yi ritaya ta zauna a gidanta na Badarawa. Mace ce mai faɗar magana gaba-gaɗi. Ko a gidan biki aka tare ta da zancen taki, sai ta ajiye cokali ta yi bayani.

Bara kafin damina, ƙaninta Datti ya turo mata hoton wata gona da ke bayan Katabu. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan fansho na unguwa, suna son karɓar hayarta su shuka masara. Ta buɗa hoton ta duba: baƙar ƙasa, ta tsattsage, ga ta a kwari. Ta yi masa saƙon murya.

"Ƙasa ce mai ƙarfi. Amma wannan tsagewar alamar laka ce, tana riƙe ruwa, masara kuwa ba ta son ruwa ya kwanta mata. Shinkafa za ta fi dacewa, da rani a yi kayan lambu in akwai ruwa. Kuma hoto ba ya nuna tsamin ƙasa ko abin da ke ƙarƙashi. Ku je ku haƙa, ku kai gwaji."

Ashe Datti ya riga ya yi wa mai gonar alkawari. Sai ya guntule saƙon, ya tura wa ƙungiya farkonsa kawai.

A watan Agusta ruwa ya kwanta a gonar, masara ta yi ruwan ɗorawa ta tsaya. Harira ba ta san komai ba sai a wani taron suna, da Indo, matar da ta saka abin da mijinta ya bar mata a noman, ta ce, "Hajiya, da muryarki fa muka dogara."

Nan take aka kunna mata guntun saƙon da suka ji. Washegari ta sa Datti ya kai ta gonar tare da mutanen, ta sa aka haƙa rami. Ƙasar ta fito toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa.

"Kun gani? Shaidar duk damina ruwa na zama a nan." Ta kunna cikakken saƙon, sannan ta juya. "Datti, sunan da na yi shekaru ina tsarewa ka mayar tallar gona?"

"Yaya, na ɗauka taki zai gyara."

"Taki yana kwashe ruwa ne?"

A satin ƙungiya ta sauke shi. Bana shinkafa suka shuka, Harira ce ke zaga musu gonar, a motar haya take zuwa. Har yanzu in Datti ya zo gaishe ta, daga tsakar gida yake juyawa.