Shafi Ɗaya na Anti Laushi

A kamfanin gwajin jini da fitsari da ke hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tabarau, babu wanda ke kiran sakatariyar Shugaba da sunanta na yanka. Anti Laushi ake ce mata, kuma ta ci sunan. Shekara ashirin da shida tana zaune a bakin ƙofar Shugaba, tsakanin firinta da tukunyar fulawar roba, aikinta kuwa tausasa magana. In injin gwaji ya ƙone ƙurmus, takardar da za ta shiga ciki za ta ce injin yana buƙatar kulawa. In ma'aikaci ya zagi manaja ya yi tafiyarsa, sai ta rubuta cewa ya nemi sauyin yanayi. Ko a gida haka take. Ranar da babban ɗanta ya faɗi jarrabawa, cewa ta yi wa ubansa yaron ya samu damar ƙara fahimtar ajin.

Akwai kuma sirrin da ta riƙe shekara goma sha biyar, ko mijinta bai sani ba. Shugaba, dattijon da ya kafa kamfanin da na'urar duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya, bai taɓa buɗe imel ɗinsa da hannunsa ba. Kwamfutar da ke teburinsa ado ce, goge ta kawai ake yi. Anti ce ke riƙe da kalmar sirrinsa. Kullum da safe ta buɗe akwatin saƙonsa, ta buga muhimmai a takarda, ta shiga ta karanta masa, ya faɗi amsa, ta fito ta gyara ta aika. Duk kamfanin yabon Shugaba ake yi, wai tsoho ne mai tafiya da zamani, ba ya barin saƙo ya kwana. Shi kuma yana karɓar yabon nan hannu bibbiyu, ko kunya.

Wata Litinin da hantsi Injiniya mai kula da kwamfutocin kamfanin ya gano an yi musu kutse. Kafin la'asar ya rubuta rahoto shafi goma sha ɗaya ya raba wa daraktoci. Daraktan Kuɗi ya kai shafi na biyu ya nemi maganin ciwon kai. Babbar Likita ta ce ta karanta duka, amma da aka tambaye ta me aka ɗauka sai ta ce abin yana da faɗi. Shugaba ya auna nauyin takardun a tafin hannunsa ya miƙa wa Anti.

"Ki mayar mana da wannan shafi ɗaya, da maganar mutane. Laraba ƙarfe goma za mu zauna a kai."

Zaman ba na jinkirtawa ba ne, domin doka ta ba su awa saba'in da biyu daga lokacin da suka gano su sanar da hukumar kare bayanan jama'a, wa'adin kuma safiyar Alhamis zai cika.

Talata da safe Anti ta ɗauki littafinta da biro ta sauka ɗakin Injiniya, ɗaki mai sanyi kamar cikin firij. Mutumin kirki ne, sai dai in ya buɗe baki rabin maganarsa haruffa ne a jere.

"Ƙanina, ajiye manyan kalmomin nan," ta ce. "Tambaya huɗu gare ni. Me ya faru? Me aka taɓa, me ba a taɓa ba? Wa abin zai cutar? Me za mu yi, kuma wa zai yi?"

Da ƙyar da jiɓin goshi ta tatso amsoshin. An shiga akwatin imel ɗaya, an zauna ciki kwana tara. Masu kutsen sun saita shi ta yadda duk saƙon da ya shigo kwafinsa zai wuce wurinsu. A cikin akwatin akwai jadawalin da rassa uku ke aikowa duk mako: sunayen marasa lafiya dubu huɗu da ɗari uku da goma sha biyu, lambar wayarsu, da irin gwajin da aka yi musu. Sakamakon gwajin yana wata ma'ajiya daban, kuma babu alamar an shige ta.

"To sai mu ce ba a shige ta ba."

"A'a, Anti. Mu ce ba mu ga alama ba. Bincike bai ƙare ba."

"To mu ce an samu ɗan baƙo a akwatin."

"Ɓarawo ne, Anti."

Ta yi tsaki ta rubuta ɓarawo, hannunta na ƙaiƙayi.

Ko zama ba ta yi ba a teburinta sai ga Daraktan Kuɗi ya zo yana shafa ganyen fulawar roba. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya. Wai makon shekaranjiya wani saƙo ya zo yana cewa akwatinsa ya cika, ya danna, ya rubuta kalmar sirri. Don girman Allah a sassauta layin da ya shafe shi, yana da 'ya'ya mata uku a jami'a. Yana fita Babbar Likita ta shigo neman abin maƙala takarda, alhali akwai biyu a ofishinta. Ita ma ta danna, amma ta rantse da ta ga shafin sai gabanta ya faɗi ta rufe.

Anti ta koma ƙasa tana dariya a ciki, ta kai wa Injiniya labari. Ya duba ya ce Likita gaskiya ta faɗa. Daraktan Kuɗi kuwa mantuwa ce ta cece shi, domin sau uku yana ba ɓarayin kalmar sirri, duka ukun ba daidai ba.

"To akwatin wa aka shiga?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Na Shugaba ne. Yana shafi na tara, babu wanda ya kai can. Ranar Asabar ta makon shekaranjiya, sha ɗaya da minti shida na safe."

Nan take dariyar ta gushe. Ta tuna Asabar ɗin sarai. Ta shigo rabin yini don ta rage aiki, ta ga saƙon nan mai tambarin kamfani, ta ce bari ta gyara kafin tsoho ya ji labari, ta shigar da kalmar sirrin da yatsunta goma cikin ƙwarewa. Tsoro ya kama ta, da kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta rufe ƙofa ta gaya wa Injiniya komai.

Injiniya ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce irin wannan takarda ba ta farautar mai laifi ba ce, saƙon an tsara shi ne don ya ruɗi mutum mai hankali, kuma ba dole a sa sunan kowa ba. Amma cewa mutum biyu na amfani da kalmar sirri ɗaya, wannan dole ya shiga, don in daraktoci ba su san ta inda aka shigo ba, ba za su san abin da za su toshe ba.

Anti ta san wa zai fito tsirara in layin nan ya shiga: ita da ta yi kuskuren, da tsohon da ta rufa wa asiri shekara goma sha biyar. Ta zauna gaban kwamfuta ta gwada duk dabarun da ta iya. An samu haɗin gwiwa wajen kula da akwatin. Ta goge. An samu yanayi. Ta goge. Duk wanda ta rubuta sai ta tuna mutum dubu huɗu da wani abu da za a iya bugo wa waya a ambaci gwajin da ko matarsa bai gaya wa ba.

Laraba da ƙarfe tara ta shiga ta karanta wa Shugaba shafin, a tsaye, kamar kullum. Da ta kai layin sai ya ɗaga hannu.

"Cire wannan. Ki rubuta ni na danna."

"Ranka ya daɗe, ba kai ba ne."

"Gara a ce na danna bisa kuskure da a ce ban iya dannawa ba. Ke ma kin huta."

"Ba zan cire ba, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya dube ta. Tunda take da shi ba ta taɓa ce masa a'a ba, sai dai ta ce za a duba yiwuwar hakan. Ta tsaya, a ranta tana lissafa kayan da za ta kwashe daga durowa. Ya nuna mata ƙofa da haɓa.

Ƙarfe goma, a ɗakin taro, ita aka ce ta karanta.

"Abin da ya faru: ɓarayi sun shiga imel ɗin Shugaba na kwana tara, bayan an yaudari sakatariyarsa da saƙon bogi ta shigar da kalmar sirri. Ita ke riƙe da kalmar, ita ke buɗe akwatin. Abin da ya fita: suna, lambar waya da irin gwajin mutum dubu huɗu da ɗari uku da goma sha biyu. Ba mu ga alamar an taɓa sakamakon gwaji ba. Abin da ba mu sani ba: nawa suka kwafa daga ciki, don haka mu ɗauka duka ne. Haɗarin: za a iya kiran mutanen nan da sunanmu a yaudare su, ko a tona musu asiri. Abin da aka riga aka yi: an fitar da ɓarayin, an rufe hanyar tura kwafi, an soke duk tsofaffin kalmomin sirri. Abin da muke so ku amince yau: a sanar da hukuma kafin a tashi aiki, Babbar Likita ta sa hannu a saƙon da za a aika wa kowane mara lafiya, a daina aiko jadawali ta imel, shiga kowane akwati sai da ƙarin lamba da za ta zo wayar mai shi, sakatariya kuma ta duba saƙon maigidanta da izini, ta akwatinta, da sunanta."

Minti biyu ta gama. Daraktan Kuɗi ya sauke ajiyar zuciyar da ta motsa takardar gabansa, sannan ya gyara murya ya fara cewa sakaci irin wannan ai bai kamata a bar shi haka ba. Anti ta ɗago ta dube shi kawai, sai ya tuna yana jin ƙishirwa.

"Ni na ba ta kalmar," in ji Shugaba, idonsa a kan tebur. "Ban iya abin ba ne, kuma na ji kunyar koya. Duk saƙon da kuka taɓa yaba mini, nata ne. A kawo takardun in sa hannu."

Ba wanda ya yi dariya, duk da Likita ta sha fama da leɓenta.

Bayan azahar Injiniya ya hau sama ya kunna kwamfutar Shugaba, wadda ta ɗauki minti ashirin tana farfaɗowa. Ya buɗe wurin sa sabuwar kalmar sirri ya fita. Tsoho ya zauna, ya ɗaga yatsa ɗaya yana shawagi a kan haruffa.

"Ina suka kai harafin M?"

"Layin ƙasa, ranka ya daɗe, ta dama."

"To, na gan shi. Juya bayanki."

Ta juya ta fuskanci taga. A bayanta tana jin ƙarar maɓallan ɗaya bayan ɗaya, da dogon shiru a tsakani, da tsakinsa in ya ɓata. Hannunta har ƙaiƙayi yake ta karɓa ta gama masa cikin daƙiƙa biyu. Sai ta ji idonta ya cika da ƙwalla, domin a shekara ashirin da shida wannan ne abu na farko nasa da ba za ta sani ba. Ta ci gaba da kallon masu gwada tabarau a ƙasa har ya ce ta juyo.